Ina gaishe shi ba ya amsawa, in na ɗaga murya ya ɓata rai

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kawun maigidana ya dawo wajenmu da zama, wata biyu ke nan. Ya haura shekara 70, jinsa ya ragu sosai, akwai na'urar ji a kunnensa na dama. Da safe ina fitowa in ce ina kwana Kawu, shiru. In maimaita, shiru. In na ɗaga murya sai ya zabura ya dafe kunne, ya ce ba faɗa muke yi ba. Wani lokacin kuma kome na faɗa sai ya ce lafiya lau. Jiya na tambaye shi ƙarfe nawa zai fita, ya ce lafiya lau. Maigida ya ce in rabu da shi, in ɗaga masa hannu kawai in wuce. Zuciyata ba ta yarda da haka ba, babba ne, kuma mutum ne mai son hira. Yaya ake yi?

Ɗan Autan Gida: Wa alaikumus salam. Hajiya ki matsa daf da kunnen da yake ji, ki yi maganar da ƙarfi a ciki. Ki kuma riƙa buɗe baki sosai kina jan kalmomin a hankali. Haka muke yi wa kakarmu.

Malama Mai Alli: Ɗan Auta, rabin maganarka gaskiya ce. Matsawa kusa daidai ne. Amma in ta kai bakinta kunnensa ta ɓoye masa fuskarta ke nan, alhali da idonsa yake cike abin da kunne ya zubar.

Maman Biyu, shekarata 14 ina koyar da yara kurame, kuma da hannuna na yi jinyar mahaifina da irin wannan lalurar. Kafin in ce komai, in za ki gaishe shi daga ina kike magana, shi kuma yana ina?

Maman Biyu: Yawanci daga ƙofar ɗakina, Malama. Shi yana zaune a kujera ya ba ni baya, rediyonsa na kunne. Tsakaninmu zai kai taku shida ko bakwai.

Malama Mai Alli: To kin ga gaisuwarki ba ta taɓa isa gare shi ba. Ba ƙin amsawa yake yi ba.

Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Na'urar ji kuma ta fi aiki a tazarar mita ɗaya zuwa biyu. Daga taku bakwai, rediyon da ke gefensa ya riga ya cinye muryarki, domin na'urar ba ta san wace murya yake so ba, abin da ya fi kusa da ita shi take ɗauka.

Sai maganar ihu. Kunnen da ya lalace saboda shekaru yana da wata ɗabi'a da mutane ba su sani ba. Ƙaramin sauti ba ya jin sa sam, amma da zarar sautin ya wuce wani mizani sai ya faɗo masa da ƙarfi fiye da yadda zai faɗo wa mai lafiyayyen kunne. Tsakanin ban ji ba da kin cika min kunne, tazarar kaɗan ce. Ga na'ura kuma tana ƙara masa. Shi ya sa yake dafe kunne, zafi yake ji na gaske. Kuma ihu ba ya gyara abin da ya ɓace. A irin jin tsofaffi, siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su s da sh da ts da f. In kin ce sannu, abin da ke isa gare shi kamar annu ne. In kin ƙwala, annu ɗin ce dai za ta ƙara ƙarfi.

Ga yadda zan yi da ni ce. Zan zagayo ta inda zai gan ni tun ina tahowa, in tsaya gabansa kamar taku biyu. In yana zaune ni ma in zauna ko in rage tsawo, fuskarmu ta daidaita. Zan duba haske, ya kasance a kan fuskata yake, kada in tsaya taga ko ƙofa na bayana, domin a haka inuwa kawai zai gani. Zan nuna rediyon in nemi izinin ragewa. Ba zan buɗe baki ba sai idonsa ya sauka a kaina. Sannan in ce Kawu, in dakata kaɗan, in ce ina kwana. Murya ta fi ta kullum kaɗan, sauri ya ragu kaɗan, shi ke nan. Sai in tsaya in jira amsa. Wannan jiran shi ne mutane ke tsallakewa.

Ɗan Autan Gida: Malama, buɗe baki sosai fa? Ai don ya karanta leɓe ne.

Malama Mai Alli: Wanda ya saba kallon leɓe, da yadda mutane ke magana kullum ya saba. In ka wage baki kana jan kalma, siffar da ya sani ta canza, ka ƙara rikita shi. Kuma leɓe ba ya nuna komai da komai. Tsaya gaban madubi ka ce bata, ɓata, mata, ba tare da sauti ba. Duk ɗaya za ka gani. Ka ce kaya, gaya, ƙaya. Su ma ɗaya ne, domin can cikin baki ake yin su. Hawa da saukar murya da ke raba kukan yaro da itacen kuka kuwa, ido ba ya ganin sa ko kaɗan. Yawancin karatun leɓe hasashe ne, mutum yana haɗa abin da ya gani da abin da yake tsammani za a faɗa.

Wannan ne ma dalilin lafiya lau ɗin Kawu. Ya san da safe gaisuwa ake yi, sai ya ba da amsar da ta fi yawan dacewa. Da kika sauya zuwa ƙarfe nawa ba tare da wata alama ba, shi yana nan a gaisuwa. In za ki sauya magana ki fara ba shi kanta. Ki ce maganar fita, ki nuna agogo, sannan ki yi tambayar.

Baban Shago: Ni fa ina ganin kunnen ne ya toshe. A ɗiga masa mai a kunne kwana uku, in Allah ya yarda zai buɗe. Ba sai an yi ta wannan dogon lissafi ba.

Malama Mai Alli: Alhaji, dattin kunne yana iya ƙara rage ji, amma wanda ya san aikin ne zai leƙa ya gani. Kada a ɗiga komai a kunnen da ake sa wa na'ura ba tare da an duba ba. Ita kuma ba magani ta tambaya ba, gaisuwar gobe da safe ta tambaya.

Kurma Mai Karatu: Ku ba ni dama in sa baki, tun da zancen irina ake yi. Sanƙarau ya ɗauke min ji ina shekara 9. Ba na jin komai, ko da na'ura. Ina magana da baki domin na riga na iya kafin ciwon, amma ba na jin muryata, sai dai a ce min na ɗaga ko na rage.

Abin da Malama ta faɗa daidai ne ga Kawu, mai sauran ji. Ni kuwa ko ka tsaya taku ɗaya ka kira sunana, a banza. Ka shigo inda idona yake ka ɗaga hannu. In na duƙufa kan aiki, ka taɓa kafaɗata ko damtsena sau biyu a hankali. In tebur ɗaya muke, ka ɗan bubbuga teburin, zan ji motsinsa a hannuna. In daga ƙofa kake, ka kashe fitila ka kunna sau ɗaya ko biyu. In kuma ba wanda ya dace ya taɓa ni ba ne, kamar mace da ba mu saba ba, ɗaga hannu ya isa, ko ta yi wa na kusa da ni alama ya nuna min ita.

Abin da aka sha yi min kuma ban manta ba: an jefe ni da murfin biro, an ja min riga ta baya, an taɓa kama haɓata an juyo da fuskata kamar ƙaramin yaro, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ku tuna ba na jin takun kowa. Wanda ya dafa ni ta baya ba zato, sai gabana ya faɗi.

Amma duk wannan bai kai kalma ɗaya ciwo ba. Mutum ya gaishe ni, ya ƙara wata magana, ban kama ba, na ce maimaita, ya maimaita, ban kama ba, sai ya yarfa hannu ya ce bar shi, ba komai. Wannan kam ina karanta ta a leɓe sarai, don na gan ta sau dubu. Ma'anarta a wajena, ba ka kai a wahala a kanka ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Yaya, wallahi na sha faɗa wa Kawu haka, ni a ganina sauƙaƙa masa nake yi. To in na maimaita sau biyu bai ji ba, me zan yi?

Kurma Mai Karatu: Kada ki maimaita da kalmomin farko, ƙanwata. In bai kama sau biyu ba, akwai kalmar da ba ta shiga, ko sau goma kika faɗa ba za ta shiga ba. Ki sauya ta. In kin ce ya ƙarfin jiki bai kama ba, ki ce ka samu sauƙi, ki dafa inda ke masa ciwo a jikinki. In ya ƙi, ki rubuta a waya da manyan haruffa, in yana karatu. Suna da lamba da lokaci, su ma tun farko rubuta su ya fi.

Kuma gaskiya mu ma muna da namu. Muna gyaɗa kai muna murmushi alhali ba mu gane ba, don kada mu gajiyar da mutane. Za ki gane ta in kin ga gyaɗa kan ya zo kafin ki gama magana, ko amsar ba ta hau tambayar ba. In kin ga haka kada ki ce ka ji ko, zai ce e. Ki sake faɗa ta wata hanya kamar ba abin da ya faru.

Ɗalibin Ilmi: Ni na koyi alamar gaisuwa ta maganar hannu a bidiyo. Ai in mutum ya iya wannan ya huta, tun da ɗaya ce a duk duniya.

Kurma Mai Karatu: Ba ɗaya ba ce, malam. Amurka da Birtaniya duk Turanci suke yi, amma maganar hannunsu daban, har harufan ma, Amurkawa da hannu ɗaya suke yi, 'yan Birtaniya da biyu. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame da yawa na Afirka ta Yamma ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya fara buɗe makarantu a Ghana a 1957. Kurman da bai shiga irin makarantun ba yana da tasa maganar hannun da ya tashi da ita cikin 'yan uwansa kurame, kuma cikakken harshe ce. Ka yi wa mutum wadda ka koya, in ya mayar maka da wata daban, ka ɗauki tasa. Za mu ji daɗi ka gwada ko da ka yi kuskure.

Shi Kawu kuwa da wuya ya san ko ɗaya. Wanda ya yi shekara 60 yana ji, harshensa na baki ne.

Abu ɗaya kuma. In ka same ni da tafinta, ni za ka kalla ka gaisar. Kada ka ce wa tafinta gaya masa ina gaishe shi, ga ni a tsaye. Idona zai koma kan hannun tafinta, amsata za ta ɗan makara, kai dai ka ci gaba da fuskanta ta.

Mai Haƙuri: Ku yi haƙuri zan kawo tawa, ko da ba ta ji ba ce. Ni in'ina gare ni tun ina yaro. Kunnena lafiya lau, amma rabin mutanen da suka ji na sarƙe sai su fara ɗaga min murya suna magana a hankali, kamar ba na fahimta.

Gaisuwa ce wurin da na fi shan wuya, musamman da baƙo. Sauran magana ina iya kauce wa kalmar da na ji za ta maƙale in sa wata. Sunana kuwa ba shi da madadi. Sai a ce ya sunan malam, in tsaya bakina a buɗe iska ta ƙi fita. Daƙiƙa uku ko huɗu ne, amma a wajena kamar awa. A nan wani zai yi dariya ya ce ka manta sunanka ne. Wani ya fara jero min sunaye yana canka. Wani ya sunkuyar da kai yana duba waya don wai kada ya kunyata ni.

Abin da nake so bai da yawa. Ka ci gaba da kallona yadda kake kallona kafin in sarƙe. In hannunka na cikin nawa kada ka fizge. Kada ka ce kwantar da hankalinka, ko ja numfashi. Hankalina a kwance yake, na san abin da zan faɗa, fitar ce ta tsaya. In ka faɗi haka ka ƙara min aiki, yanzu ga kalma ga kuma lura da numfashi. In a waya ne ka ji shiru bayan ka ce waye, ka ba ni daƙiƙa biyar kafin ka kashe.

Ana cewa kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da in'ina, maza sun fi yawa. Kowa a cikinku ya san wani.

Ɗan Autan Gida: Amma Yaya, in na san kalmar da kake nema na ƙarasa maka, ba taimako ba ne? Ina da aboki mai in'ina, shi da kansa ya ce in riƙa ƙarasa masa.

Mai Haƙuri: In shi ya ce, to ka yi masa. Matata ma tana ƙarasa min in muna sauri, ni na ba ta dama. Amma baƙo a gaisuwar farko bai san ni ba. In ya canka daidai, ya nuna min ya gaji da jira. In ya canka kuskure, sai na ce a'a, sannan in koma farkon kalmar da ta kayar da ni.

'Yar Baba: Ni a nan ban yarda gaba ɗaya ba. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, maganarsa ta tafi. Yana gane mu, yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa, amma kalma ba ta zo masa. In aka tsaya ana jiransa shiru, har hawaye yake yi. In na faɗa masa farkon kalmar sai ta fito. Jiran da kuke yabo, shi azaba ce a wajensa.

Malama Mai Alli: Allah ya ba Baba lafiya. Ku biyun duk kuna da gaskiya, lalurar ce ba ɗaya ba. Mai in'ina kalmar na hannunsa. Baba kuwa nemanta yake yi, don haka tuni yana iya taimaka masa. Ga masu zuwa gaishe shi, su shigo ɗaya bayan ɗaya, su yi tambaya ɗaya wadda e ko a'a za ta amsa, su jira. Kada su jero masa gaisuwa biyar a numfashi ɗaya. Kada kuma su juya gare ki su ce ya jikin nasa, yana zaune yana jin su.

'Yar Baba: Wannan na ƙarshen kullum sai an yi. Amma e da a'a ɗin ma wani lokaci juya masa suke yi, ya ce e yana girgiza kai. Har yanzu ban san wanne zan bi ba.

Malama Mai Alli: Yana faruwa ga masu irin ciwonsa. Wasu ana rubuta musu e da a'a a takarda su nuna da yatsa, wasu hakan ma yana rikicewa. Ki gwada da tambayar da kin riga kin san amsarta, ki ga bakin ne ya fi faɗar gaskiya ko kan.

Ɗalibin Ilmi: Tambaya, don Allah. Kalmar bebe laifi ce? Na ga ba wanda ya yi amfani da ita a nan.

Kurma Mai Karatu: Ni ba na son ta, don ina magana, kuma wanda ba ya magana da baki yana yi da hannu. Amma ina da abokai kurame da ke kiran kansu da ita ba su ga komai a ciki ba. Ba mu daidaita ba ko a tsakaninmu. In gaisuwa ce dai, sunana za ka kira.

Maman Biyu: Na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Ranar farko na zagayo ta gabansa, na zauna a kujerar da ke kallon taga, na nuna rediyo, shi da kansa ya kashe. Na ce Kawu, na dakata, na ce ina kwana. Ya amsa, ya tambaye ni yara, har ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Da na ce maganar fita na nuna agogo, ya ce ƙarfe goma. Sau ɗaya bai kama ba, bar shi ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta na sauya kalma.

Sai dai da dare abin ba ya tafiya. Duk yadda na yi, lafiya lau ɗin ke dawowa, wani lokaci ma ya kau da kai.

Kurma Mai Karatu: Gajiya ce. Wuni guda yana hasashen maganar mutane, zuwa dare kai ya cika. Ni ma bayan isha'i ba na iya karanta leɓen kowa. Ki duba fitilar ɗakin kuma, ko a bayanki take.

Malama Mai Alli: Ki duba ma ko na'urar na kunnensa a lokacin. Da yawa suna cire ta da yamma, wasu kuma batirinta ke yin sanyi. In ya cire, ki koma ta gefen kunnen da ya fi ji, ki taƙaita, sai da safe kawai da ɗaga hannu.

Maman Biyu: Ban taɓa lura ko yana cirewa ba. Kuma ban san wane kunne ya fi ji ba in babu na'urar, na daman da ake sa wa ko na hagun. In tambaye shi kai tsaye ba zai ji nauyi ba?

Kurma Mai Karatu: Ki tambaye shi da safe, ku biyu kawai, ba a gaban yara ba.